Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da 1.54 ɗin lissafin kankare?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ana shirya ɗan littafin koyar da lissafin kayan gini da Hausa, kuma abu uku sun tsaya. Littattafan Turanci suna raba bolum ɗin kankare gida biyu, busasshe da jiƙaƙƙe, sannan akwai faktar 1.54 da ake ninka ɗaya da ita a samu ɗayan. Shawarar da ke ƙasa ita ce "busasshen kankare", "ɗanyen kankare" da "ƙarin asara". Masana, sun yi?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Ƙarin asara ya yi daidai. Kaya suna zubewa, wani ya maƙale a baro, wani a cikin mikisa, wani a ƙasan da aka juye yashi. Dole a ƙara.

Injiniyar Gini: Alhaji, asarar gaskiya ce, amma ba ita ce 1.54 ba. In aikin mutum yana zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na kaya, ai ba fakta yake bukata ba, leburori zai sake. Asara lissafinta daban, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari aka saba ƙarawa a ƙarshe. Ita 1.54 tana nan ko da ƙwayar yashi ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba.

Ga dalilin. Cika bokiti da tsakuwa har baki, ka zuba yashi a kai kana girgizawa. Yashi mai yawa zai shige ciki, bokitin bai tumbatsa ba, domin tsakanin dutse da dutse akwai gurbi. Tarin tsakuwa, kusan kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na wurin da ya ci iska ce. Shi ma yashin yana da nasa guraben, kusan kashi 35 zuwa 40, siminti da ruwa ne ke shiga su cike. Garin siminti ya fi su duka: fiye da rabin wurin da ya ci a buhu iska ce. To idan ka auna kowanne shi kaɗai, ka auna shi ne haɗe da iskarsa. Da an kwaɓa an girgiza, ƙanana sun shige gurbin manya, iskar ta fita. Kaya ba su ɓace ba, nauyinsu yana nan, wurin da suka ci ne ya ragu.

Malam Mai Fassara, "busasshen kankare" kuma kada ma a fara. Duk Bahaushen da ya ji shi zai ɗauka kankaren da ya kwana ya yi tauri ake nufi, alhali ana nufin siminti da yashi da tsakuwa tun ruwa bai taɓa su ba. A lokacin ba su zama kankare ba tukuna.

Ɗalibi: Ni kuwa haka na fahimta, Hajiya. Wato in kankare ya bushe, ruwan ya fita, sai ya tsuke, shi ya sa ake ƙara kaya?

Injiniyar Gini: Ka ga shaidar abin da nake faɗa. Tsukewar bushewa akwai ta, ita ke kawo siraran tsagu a fuskar dakin, wato rufin kankare, amma ba ta kai milimita ɗaya a tsawon mita ɗaya ba. Ba a sayen ko shebur ɗaya na yashi dominta. Raguwar da muke magana tana faruwa ne a wajen kwaɓi da girgizawa, tun kankaren yana ɗanye.

Tsohon Birkila: Mu dai abin da muke cewa shi ne "kaya sun shige", ko "kwaɓi ya cinye kaya". Ba mu taɓa raɗa wa lambar suna ba. A kira kayan "awon kaya", abin da ya zauna cikin katako kuma "awon zubi". Ko yaron da ya fara aiki jiya zai gane.

Mai Lissafin Kaya: Na goyi bayan Baba. "Awon zubi" ya fi "ɗanyen kankare" ma, domin abin da ake aunawa a zane shi ne cikin katakon da za a cika, tsawo sau faɗi sau kauri, bayan an girgiza ya zauna. Kwaɓin da ke tsibe a ƙasa bai gama zama ba.

Bari a gwada kalmomin a cikin aiki, a ga ko za su ɗauki kaya. Dakin mai tsawon mita 5, faɗi mita 4, kauri santimita 15, haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu.

```
5 × 4 × 0.15 = 3.00
3.00 × 1.54 = 4.62
4.62 ÷ 7 = 0.66
```

Awon zubi kubik mita 3 ne, awon kaya 4.62. An raba da bakwai ne saboda 1 da 2 da 4 sun haɗu bakwai, to kaso ɗaya 0.66 ke nan. Siminti kaso ɗaya, 0.66. Yashi kaso biyu, 1.32. Tsakuwa kaso huɗu, 2.64. Siminti ba a kubik ake sayensa ba, sai a juya shi: an saba ɗaukar kubik mita ɗaya na garin siminti a kilo 1440, don haka 0.66 ya ba da kilo 950, buhu 19 masu kilo 50. Sai yanzu a ɗora kashi biyar na asarar da Alhaji ya ambata, ya zama buhu 20.

Wanda ya manta da ninkin ya raba 3 da bakwai kai tsaye, buhu 12 da ɗan abu zai samu. Kayansa za su ba shi kubik mita 1.95, wato wajen murabba'in mita 13 cikin 20. Zubi zai tsaya ana tsakiyar dakin. Kafin a kawo wasu kayan, wanda aka zuba ya fara kamawa, sabon ba zai haɗu da shi jiki ɗaya ba, kuma a wannan gaɓar ruwa zai riƙa yoyo. Mafi muni shi ne a ga kaya za su gaza tun da wuri a fara rage kauri, ko a ci gaba da loda yashi da tsakuwa ana tsimin siminti.

Mai Fassara: Madalla, biyu sun samu. Saura lambar. Tunda kaya raguwa suke, me zai hana "ragin kwaɓi"?

Mai Lissafin Kaya: Akwai tarko a nan, Malam. Ragin ba kashi 54 ba ne. Daga 1.54 zuwa 1, abin da ya ragu 0.54 ne cikin 1.54, wato kashi 35 cikin ɗari. Daga 1 zuwa 1.54 ne ƙarin yake kashi 54. In aka sa wa 1.54 suna mai "ragi", wani zai ɗebe kashi 54 daga kayan da ke gabansa don sanin kankaren da za su ba shi, ya samu amsar da ba ita ba. Mai neman wannan, raba awon kaya zai yi da 1.54. Sunan ya kamata ya nuna ninkawa ake yi. Ni "ninkin gurbi" nake gani.

Tsohon Birkila: Ninki a kunnena biyu ne, yaro. Ka ce wa mutum ya ninka, sai ya kawo biyu. "Cikon gurbi" ya fi.

Injiniyar Gini: Cikon gurbi ya faɗi dalilin sarai, amma ciko shi ne 0.54 ɗin da aka ɗora, ba 1.54 ba. Wataƙila a riƙe duka: ciko ga ƙarin, ninki ga lambar da ake bugawa.

Kowanne aka zaɓa, ina roƙon littafin ya nuna daga ina lambar ta fito, kada a haddace ta kamar ba ta motsi. Ɗauki kubik mita ɗaya na haɗin nan, wato lita 1000. Awon kayansa lita 1540 ne: siminti 220, yashi 440, tsakuwa 880. Cire iskar kowanne. Simintin kilo 317 ne, kuma ƙwayarsa ta fi ruwa nauyi sau 3.15, don haka ainihin jikinsa lita 100 ne kacal. Yashin, in gurbinsa kashi 40 ne, jikinsa wajen lita 265. Tsakuwar, in gurbinta ya ɗan haura 45, wajen lita 475. Sun haɗu 840. Zuba ruwa lita 160, kusan rabin nauyin simintin, ka samu 1000. Shi ke nan asalinta. Ka lura ruwan ba ya cikin awon kaya, amma yana cin wuri a zubi.

Kuma ka ga na ce "in gurbinsa kaza ne". Tsakuwar da ta haɗa manya da ƙanana gurbinta kaɗan ne, kaya ba sa shigewa sosai, sai kankare ya fi yawa. Wadda duk girmanta ɗaya, mai kaifin gefe, gurbinta ya fi yawa. Shi ya sa za ka ga wasu na amfani da 1.52, wasu 1.57. A babban aiki ana yin kwaɓin gwaji da ainihin kayan da aka kawo, a zuba a akwatin da aka san cikinsa, a girgiza, a ga abin da ya fita.

Ɗan Kwangila: To na ji. Amma akwai aikin da aka yi lissafin nan daidai, kwaɓin ya fito da tsakuwa tsirara, ba ya laushi, kuma bai kai ba. An yi ruwa daren da ya gabata. Lambar ce ta gaza?

Injiniyar Gini: Da alama yashin ne, Alhaji. Yashi mai danshi yana kumbura, domin ruwan da ke jikin ƙwayoyin yana hana su matsuwa. Danshi kaɗan, kamar kashi 5 cikin ɗari, na iya ƙara masa kashi 20 zuwa 30, mai laushi ma fiye. To hedfan cike da shi ba hedfan cike da yashi ba ne, kuma 1.54 busasshen yashi ta sani. Gwajin ba wuya: zuba shi a kwalba mai miƙaƙƙen jiki zuwa santimita 20 ba tare da dannawa ba, ka cika ruwa ka motsa ya kwanta. In ya tsaya a 16, kumburin kashi 25 ne, sai a auna hedfan biyar a duk inda lissafi ya ce huɗu, a kuma rage ruwan kwaɓi tunda yashin ya zo da nasa. Rashin girgizawa kuma akasin haka yake yi: kaya su yi saura, a yi murna, a cire katako a tarar da ramuka kamar saƙar zuma.

Mai Fassara: Ga kalma ta huɗu ta faɗo, "kumburin yashi". Wannan ba gardama.

Ɗalibi: Filasta ma 1.54 ne?

Mai Lissafin Kaya: A'a. Ba tsakuwa, guraben da za a cike sun ragu, an saba amfani da 1.27 zuwa 1.33. Haka nan in kwaɓaɓɓen kankare za a kawo a mota, awon zubi ake nema da ɗan ƙarin asara, ba a ninka komai. Haɗin da aka tsara da kilo ma bai san 1.54 ba. Wannan ne ya sa nake son sunan ya tsaya da kansa ba tare da lambar ba, a ce ninkin gurbi na kankare, ninkin gurbi na filasta.

Tsohon Birkila: Cikon gurbi na kankare ma ai yana faɗuwa. A kai su wajen aiki duka biyun, a ce wa birkila ya lissafa kayan linta da kowanne, a ga wanda zai sa ya kawo buhunan daidai.

Mai Fassara: Na rubuta awon kaya, awon zubi da kumburin yashi. Sunan lambar kuma na bar shi da fensir. Baba, in ka gwada da yaranka a sanar da mu.