Tambayar Lissafi Mai Amsa Ɗaya Tak

A wani zama da malamai suka yi kan yadda ake tsara tambayoyin lissafi, abin da suka fi daɗewa a kai shi ne tambayar rabawa mai barin ragowa. Wata malama ta kawo misali: ɗalibai 50 za su yi tafiya, mota na ɗaukar mutum 12, motoci nawa? Yaro ɗaya zai rubuta 4, wani 5, wani 4 da ragowar 2, kuma kowanne ya yi lissafi daidai. Laifin na tambayar ne. Gyaran da aka amince da shi: “Motoci nawa ake bukata domin kowa ya samu wurin zama?” Yanzu 5 ce kaɗai amsa.

Wani malami ya ce shi daga amsa yake farawa. Sai ya zaɓi motoci 4, ya ninka da 12, ya samu 48, sannan ya gina labarin a kai. Wannan ta fi burge ni, domin tana hana a ƙare da rabin mutum.

Kan lambobi kuwa, an ja kunne: kada a ce yaro ya sha kofin ruwa 60 a yini. Mai hankali zai ɗauka shi ne ya yi kuskure, ya goge amsarsa mai kyau. Kafin a kai aji, a ba wani malami ya warware ba tare da ya ga amsar ba.