Daga allo zuwa kula da mashru'i: me zan ce a muƙabala?

Malamin lissafi, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara tara ina koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta, yanzu ina neman aikin kula da mashru'i, wato project management. Sau biyu ana kirana muƙabala, duk a tambaya ɗaya nake faɗuwa: me ya sa za ka bar aji? Wanda ya yi mini ta ƙarshe ma ce mini ya yi kamar ban san abin da nake so ba. Yaya zan bayyana?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam Malam. Ai kowane zangon karatu mashru'i ne. Goge "malami" a takardarka ka sa "manajan mashru'i", ka nemi satifiket ɗin PMP na ƙwararrun masu kula da mashru'i, shi ke nan.

Yaya Babba, Riyad: Baban Hanifa, satifiket ɗin na yarda, gogewar ce ban yarda ba. Kira ɗaya za su yi wa makarantar, asiri ya tonu. Kuma shiga aji kullum aikin yau da gobe ne, mai maimaita kansa. Mashru'i yana da ranar farawa da ta gamawa, da kuɗin da aka ware masa, da abin da za a miƙa a ƙarshe. Su kansu masu PMP, idan kana da digiri, wata 36 na jagorancin irin wannan aiki suke nema, da awa 35 na horo. Darasi ba ya shiga lissafin. Idan watanninka ba su kai ba, akwai CAPM, takardar shaidar masu farawa, awa 23 na horo take buƙata.

Malam, ni ma daga aji na fito, shekara bakwai ina koyar da kimiyya. Muƙabalata ta farko na ce na gaji, albashi ba ya isa, ina son sabon abu. Gaskiya na faɗa, amma abin da mutumin ya ji shi ne gudu nake yi, kuma gobe zan gudu daga wurinsa. Abin da ya fisshe ni daga baya labari ɗaya ne tak. Makarantarmu ta so buɗe ɗakin gwaje-gwaje, aka ɗora mini: mako goma sha huɗu na hutu, riyal dubu tamanin, da mai kawo kaya, da mai wuta, da malamai uku. A mako na shida mai kawo tebura ya ce sai ya ƙara mako uku. Na juya tsarin, aka fara da wayoyin wuta da bututun ruwa, na raba odar gida biyu, muka buɗe ranar da aka sa, da rarar riyal dubu huɗu. Sai na rufe da cewa: a nan na gane wannan ɓangaren na fi iyawa, na yi horo a kansa, yanzu shi nake so ya zama aikina gaba ɗaya. Minti ɗaya da rabi. Duk tambayoyin da suka biyo baya a kan mai teburan ne, ba wanda ya sake tambayar aji.

Kai wane aiki ka taɓa riƙewa daga farko har ƙarshe?

Malamin lissafi: Yaya, lokacin korona a 2020 ni na mayar da sashenmu karatu ta intanet, malamai goma sha ɗaya cikin mako biyu. Amma ba kuɗi a hannuna. A takardata kuma na sa kwas na Larabci, da na gyaran kwamfuta, da ɗan kasuwancin turare da na taɓa yi.

Yaya Babba: To ga inda rashin alƙiblar ya fito! Cire turaren da gyaran kwamfutar. Larabci ya koma layi ɗaya a ƙasa. Aikin 2020 ya hau sama da adadinsa: malamai nawa, ɗalibai nawa, me ya lalace, me ka yi. Maganar kuɗi kada ka ƙirƙira, ka ce ban riƙe kasafi ba tukuna. Shi ya sa zan ce ka nemi mataimaki ko mai daidaita mashru'i, a kamfanonin horarwa ko masu manhajojin makarantu, inda shekarunka tara suke da daraja. A kamfanin gini ba za su ƙirga maka su ba.

Maman Sadik, Makka: Ni ƙanina ya bar koyarwa ya koma hidimar alhazai, kuma Alhamdulillahi. In kana so in haɗa ku kafin Ramadan.

Alhaji na Sharafiyya: Ɗana, ba wanda ya taɓo iƙama. Sana'ar da ke rubuce a kanta ta malami ce, sai sabon mai aikin ya nemi canjinta ta Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, kai kuma ka amince. Sannan aikin kula da mashru'i na cikin waɗanda aka ware wa 'yan ƙasa kaso. Wataƙila ma ba amsarka ce ta kayar da kai ba.

Yaya Babba: Alhaji, yana yiwuwa. Amma da iƙama ce kaɗai, ina ganin ba za su kira shi ba tun farko.

Alhaji na Sharafiyya: Suna kira, 'yar albarkar tambaya ce kawai ba sa yi sai ƙarshe. Malam, kai ka riga su tambaya a waya kafin ka ƙona kuɗin mota.