Rahoton ƙarfe bakwai da ya koma zuwa ƙarfe shida: kowa ya faɗi abin da cron ya taɓa yi masa

Lawali:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani sito na kayan masarufi kusa da Kasuwar Dole, muna da reshe a Mirriya. Na rubuta ɗan shiri da Python wanda ke tara cinikin jiya ya aika wa maigida ta imel, na ɗora shi a kan sabar da muke haya a Faransa, mai Debian. Layin da na sa wa cron, mai tayar da aiki da kansa a kan lokaci, ta `crontab -e` shi ne:

```
0 7 * * * /usr/bin/python3 /home/lawali/rahoto.py
```

Tun watan Nuwamba bai taɓa saɓawa ba, bakwai daidai saƙo ke shiga. Amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris sai ya koma zuwa ƙarfe shida. Da sammakon ne kawai da ban damu ba. Matsalar ita ce yaron Mirriya sai shida da rabi yake tura nasa lissafin, to kwana huɗu ke nan rahoto na fita babu cinikin reshe, har maigida ya fara zargin yaron da ɓoye kuɗi. Wannan ya fi komai ci mini rai, don yaron ba shi da laifi. Ban taɓa layin ba, ban taɓa shirin ba. Wanda ya taɓa ganin irin wannan, ko wani abin daban da ya hana rahotonsa fita a kan lokaci, don Allah ya ba mu labari.

Mutari:
Wa alaikumus salam Malam Lawali. Ai wannan sananne ne, sabobin haya a kan agogon `UTC` suke zuwa, mu kuma muna gaba da shi da awa ɗaya. Na sha shi a bara. Canja lambar awar a layin ka huta, haka na yi.

Malam Sani:
Mutari, ka kama bakin zaren amma ba wannan ba ne ciwon Lawali. Da sabarsa a kan `UTC` take, bakwai ɗinta takwas ce a Damagaram, wato rahoton latti zai yi, ba sammako ba. Kuma tun ranar farko zai yi lattin, ba sai bayan wata biyar ba.

Lawali, ranar da ka ambata ita ta tona asirin. Faransa na tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsu da namu ɗaya ne, shi ya sa da ka kafa aikin a Nuwamba ba ka ga komai ba. Yanzu sun sha gabanmu da awa guda: in agogon Paris ya buga bakwai, nan shida ce. Mu a Nijar ba mu canja agogo, rani da damina. Cron bai yi kuskure ba, ƙarfe bakwai ya tashi aikin, sai dai bakwai ɗin wani gari. Buga `timedatectl` ka kawo mana layin da ya fara da `Time zone`.

Lawali:
Ga shi, Malam:

```
Time zone: Europe/Paris (CEST, +0200)
```

Wallahi ban taɓa duba wurin nan ba. To in mayar da layin `0 8` kamar yadda Mutari ya ce?

Malam Sani:
Zai yi maka aiki har ƙarshen Oktoba, sannan rahoton ya koma zuwa takwas, lokacin kuma ka manta dalilin da ya sa ka rubuta 8. Gyara agogon sabar kanta, ka bar layinka yadda yake:

```
sudo timedatectl set-timezone Africa/Niamey
sudo systemctl restart cron
```

Layi na biyun kada ka tsallake shi. Cron ya riga ya karanta yankin lokaci tun sa'ar da ya tashi, in ba ka sake tayar da shi ba yana iya ci gaba da bin tsohon. Na taɓa ganin wanda ya canja yanki, `date` na nuna masa lokacin Nijar daidai, ya kwanta da murna, washegari aiki ya sake fita a tsohuwar awa.

Kada kuma ka jira gobe da safe kafin ka san ko ya gyaru. In agogon hannunka ya ce 15:20, ƙara layin gwaji na 15:23:

```
23 15 * * * date >> /tmp/gwaji.txt
```

Bayan minti uku ka buɗe fayil ɗin. In akwai layi a ciki mai `WAT`, wato lokacin Nijar, an gama, sai ka share layin gwajin.

Abu guda zan tambaye ka kafin ka taɓa komai: akwai wasu ayyukan a kan sabar nan? Canjin yankin zai shafi duk abin da ke bin agogonta, ba rahotonka kaɗai ba.

Mutari:
Na yarda, Malam, ni nawa `UTC` ne shi ya sa canja lamba ya wadatar. Amma me zai hana ya rubuta `TZ=Africa/Niamey` a saman crontab ɗin, ba sai ya taɓa sabar duka ba?

Malam Sani:
A cron na Debian da Ubuntu wannan layin shirin da za a tayar kawai yake shafa. Wato in shirin ya tambayi ƙarfe nawa, za a ba shi lokacin Nijar, amma lokacin tayar da shi na nan a kan agogon sabar. Akwai `CRON_TZ` da ke yin abin da kake nufi, sai dai na cronie ne, wanda ke zuwa da Fedora da danginta. Mutane na kwafo shi su liƙa a Debian, ba ya kuka, ba ya kuma yin komai.

Ila:
Ni dai a shagona Windows nake da shi, kuma kowace safiya sai na buɗe Excel na danna da hannu. Wannan cron ɗin ana saukar da shi ne, ko da kuɗi ake saye?

Mutari:
Ila, na Linux ne, da shi yake zuwa. Naka sunansa `Task Scheduler`, yana cikin injinka tuni. Biyo ta wurina bayan la'asar in nuna maka.

Zainabu:
Yaya Lawali, Allah ya sa naka ya ƙare a nan. Nawa daban ne, kuma ina jin shi ya fi yawa a garin nan. Ina aiki a wani ɗakin shan magani a Sabon Gari, kwamfutar a biro take, ba a waje ba. Rahoton magungunan da suka kusa ƙarewa ya kamata ya fita ƙarfe bakwai. Lokacin zafi, in kuran ya ɗauke da asuba, batirin ajiya ba ya wuce minti ashirin. Mai gadi ya tada janareta bakwai da kwata, injin ya kunna, komai lafiya, amma rahoto babu shi ranar nan. Na ɗauka shirin ne ya lalace, na yi kwanaki ina tonon sa. Da na duba

```
grep CRON /var/log/syslog
```

sai na ga ranakun da rahoto bai fita ba, babu ma layin ƙarfe bakwai sam. Ashe cron ba ya rama abin da ya wuce shi. In minti na 07:00 ya same shi a kashe, sai gobe.

Abin da na yi: na sa shi ya riƙa gwadawa kowane minti goma daga bakwai har kusan sha biyu,

```
*/10 7-11 * * * /home/zainabu/rahoto.sh >> /home/zainabu/rahoto.log 2>&1
```

a cikin shirin kuma na sa alama, don kada ya aika sau talatin:

```
alama=/home/zainabu/an-aika-$(date +%F)
[ -e "$alama" ] && exit 0
/usr/bin/python3 /home/zainabu/rahoto.py && touch "$alama"
```

Ranar da akwai wuta, bakwai daidai yake fita. Ranar da babu, yana fita cikin minti goma da kunnawa. Wani amfanin da ban yi tsammani ba: in intanet ce ta yanke, aikawa ta gaza, ba a ajiye alamar ba, sai ya sake gwadawa da kansa.

Malam Sani:
Hajiya Zainabu, dabararki ta yi, kuma kin yi daidai da kika bar `date +%F` a cikin shirin. Da a layin crontab kika rubuta shi, alamar `%` za ta yanke umarnin a nan, don cron na ɗaukarta a matsayin sabon layi sai an sa mata `\` a gaba. Sharaɗi ɗaya: sake gwadawar nan na aiki ne kawai in shirin Python ɗin na fita da lambar kuskure sa'ar da aikawa ta gaza. In ya haɗiye kuskuren ya fita lafiya, za a ajiye alama alhali ba a aika komai ba. Cire wayar intanet wata rana ki gwada da gangan.

Ni da na fi son agogon systemd a irin wannan, `OnCalendar=*-*-* 07:00:00` tare da `Persistent=true`, shi yana rama aikin da aka rasa da zarar injin ya kunna.

Zainabu:
Na gwada shi, Malam, na dawo. Wata rana wuta ba ta dawo ba sai bayan magariba, janareta kuma ba mai. Injin na kunnawa ya aika rahoton safe da dare, mai ɗakin maganin ya ɗauka na gobe ne ya iso da wuri, ya yi odar kaya a kansa. Shi ya sa na tsayar da nawa kafin sha biyu. Bayan nan gara kada ya fita, in kira shi da baki in gaya masa.

Malam Sani:
Ni kuma ina ganin rahoton latti ya fi babu, in dai an rubuta kwanan wata da awa ɓaro-ɓaro a kan saƙon. Amma ke kika san mai karanta naki.

Habu:
Ku ƙara da batirin agogo. Tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana na hannu, ƙaramin batirin nan `CR2032` da ke kan allon ciki ya mutu a yawancinsu. Muddin akwai wuta ba ka sani ba. Kuran na ɗaukewa, injin ya tashi da kwanan watan shekarun baya, ƙarfe sha biyun dare. In akwai intanet yana gyara kansa, in babu, cron na bin agogon ƙarya. Nawa ya taɓa aika rahoto da azahar. Na canja batiri, na kuma shiga BIOS na sa injin ya kunna kansa in wuta ta dawo, don a da sai an jira mai buɗe ƙofa ya danna maɓalli. A `timedatectl` ɗin nan dai, ku duba `System clock synchronized`, ya kamata ya ce `yes`.

Lawali:
Na gode ƙwarai, jama'a. Malam Sani, na duba, aiki ɗaya ne kawai ban da rahoton, mai kwafe bayanai ƙarfe biyun dare, awa ɗaya ba ta dame shi ba. Na canja yankin, na sake tayar da cron, gwaji ya fito da `WAT`. Yau da safe saƙo ya shiga 07:00 da cinikin Mirriya a ciki. Na je na zauna da maigida na nuna masa rahotannin kwana huɗun tare da awar da kowanne ya fita, ya kira yaron ya ba shi haƙuri.

Saura abu ɗaya da ban yanke ba. In wata rana yaron ya makara bai turo ba kafin bakwai, in sa shirin ya jira shi kamar na Hajiya Zainabu, ko ya fita a kan lokaci da rubutu a sama cewa babu lissafin Mirriya? Maigida na fita sayen kaya bakwai da rabi, jira na iya sa ya tafi bai ga komai ba.

Zainabu:
Ni da zan sa ya fita bakwai da gargaɗin, sannan ya sake aika cikakke in lissafin ya iso.

Mutari:
Saƙo biyu a safiya ɗaya? Alhazan nan na farko kawai suke buɗewa, Hajiya. Lawali, tambayi maigidan naka tukuna wanne zai karanta.