Bakin hoton marigayi yana fitowa da kore, a taimaka

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Wata Hajiya ce maƙwabciyar mahaifiyata, ta aurar da 'yarta watan jiya, ta kawo min hoton biki tana so in saka marigayi mijinta a tsaye kusa da amarya, a wanke a sa a firem mai inci 12 da 18. Matar nan ita ta taimaka min da kuɗin shago lokacin da zan fara, don haka ba aikin da zan ce ba zan iya ba ne, kuma ranar Juma'a za a kai wa amarya gidanta a Kawo. Na yanko Alhajin na sa masa maski na ba shi Feather 25 don gefen ya yi laushi, amma duk kewayen hularsa da kafaɗa sai wani kore-kore ya fito kamar hayaƙi, gemun kuma rabi ya ɓace. Photoshop CS6 nake amfani da shi. Me zan yi?

Abba Zane: Wa alaikumus salam. Ƙara Feather ɗin oga, 25 ya yi kaɗan. Kai shi 80 ko 100, ko ka ɗauki Gradient baƙi zuwa fari ka ja a kan maskin, zai narke cikin hoton ba wanda zai ga inda aka haɗa. Haka nake yi a fastocin maulidi da na siyasa.

Malam Habu Mai Hoto: Abba, abin da ka faɗa daidai ne a fasta, inda ake so fuska ta narke cikin gajimare ko tuta. Nan mutum ake so ya tsaya a ƙasa cikin mutane, in ya kai 100 kafaɗar Alhaji za ta koma ana hango bangon zaure ta cikinta.

Ƙanena, koren nan Feather ɗinka ne ya jawo shi. Feather ba ciki kaɗai yake ci ba, daga layin da ka yanka yana bazuwa ciki da waje ne. A kan layin kansa maskin ya zama ruwan toka, rabi a bayyane rabi a ɓoye, daga nan ya riƙa dusashewa. To abin da ke wajen layin mene ne? Bangon da Alhaji ya tsaya a gabansa ranar da aka ɗauke shi. Kai ka buɗe wa bangon hanya ya leƙo, ta ciki kuma ka cinye bakin hula da gashin gemu. A hoton da za a wanke 12 da 18, fiksel 25 kusan milimita 2 ne ta kowane ɓangare, ido na gani sarai ko daga nesa.

Amma ba ka faɗa mana girman hotunan ba, kuma a ina ka sa 25 ɗin? A Properties, ko tun a zaɓen ka danna Shift+F6 kafin ka yi maskin?

Ɗan Tudun Wada: Malam Shift+F6 na yi, haka wanda ya koya min yake yi kullum kuma aikinsa na fita. Na biki 6000 da 4000 ne daga kyamara. Na Alhaji ta WhatsApp aka turo, tsayinsa 1280, a gaban koren bango yake da rana, daga kai zuwa gwiwa. Na yanka tukuna sannan na ja shi ya yi girma.

Malam Habu Mai Hoto: To ka ga abin ya ninku. Maski a ɗaure yake da leyarsa, da ka ja hoton ya ninka biyu da wani abu laushin ma ya ninka, 25 ɗinka ta haura 50. Kuma tunda a zaɓen ka yi, ya riga ya zauna a cikin maskin, babu wani maɓalli da za ka mayar sifili. Riƙe Alt ka danna kan maskin, za ka gan shi baƙi da fari, ka dubi faɗin tokar da ke gefen da idonka.

Goge wannan maskin, ka zaɓi Delete Layer Mask, kar ka kuskura ka danna Apply. Fara daidaita girman Alhaji da na mutanen wurin, sannan ka yanka. Bi hula da kafaɗa da hannun riga da Pen Tool, ka riƙa bi ta ɗan ciki kaɗan, ko in ka gama zaɓen ka shiga Select > Modify > Contract ka ba shi 2. Yi maski babu Feather ko ɗaya. Sai ka buɗe Properties, akwai Feather a can, wannan ko gobe kana iya rage shi ko ƙara shi ba abin da ya lalace.

Nawa za ka sa? Ba ni zan faɗa maka ba, hoton ne. Kai zum 100% ka dubi bakin mayafin Hajiya ko kafaɗar wanda zai tsaya kusa da shi, ka ga kaifinsa. A hoton kyamara mai kyau yawanci fiksel 1 ne zuwa 2. Shi Alhaji tunda an ja shi fuskarsa ta riga ta yi laushi, in ka ba shi gefe mai kaifi sosai zai yi kamar da almakashi aka yanko shi daga kalanda, don haka gwada tsakanin 2 da 3. Gemu dabam ne, shi ba a bin sa da Pen. Danna Mask Edge a nan Properties ɗin, ka shafa buroshin Refine Radius a bakin gemun kaɗai.

Maman Ihsan: Ni dai abin da ke ci min rai ke nan da kwastomomi. A turo maka hoton da ya bi ta hannu biyar a WhatsApp a ce ka mayar da shi kamar na sutudiyo. Wata ta sa na yi mata na kakarta daga hoton fasfo, na gama ta ce hancin bai yi kama ba, har yau cikon kuɗina bai zo ba. Ka karɓi rabin kuɗi tukuna, kuma ka ce su nemo asalin hoton su turo a matsayin Document, don in a haka aka turo ba a matse shi.

Ɗan Tudun Wada: Anti ba maganar kuɗi a nan, na faɗa a sama. Asalin kuma wayar da aka ɗauka da ita ta ɓata tun kafin rasuwarsa, ba zan je ina damun matar da tambaya ba.

Bashir Rigasa: Allah ya jiƙansa. Amma ni ina ganin sa mamaci a wurin da bai halarta ba, 'ya'yan amaryar su taso su ɗauka yana nan, da ka ba ta shawara a sa shi a kusurwar sama cikin zagaye. A nan ma shawarar Abba za ta yi aiki.

Abba Zane: Yauwa. Kuma minti biyar an gama.

Ɗan Tudun Wada: Amin. A tsaye ta ce, kusa da 'yarsa. Ba ni zan canza mata ba.

Malam Habu Mai Hoto: In a tsaye ne akwai abin da ya fi koren nan girma, ba ka ma kai gare shi ba. Mutumin ba shi da ƙafa, hoton a gwiwa ya tsaya. Kar ka ce za ka dusar da ƙasan rigar da buroshi mai laushi, zai zama yana shawagi. Sa shi a baya. Kwafi leyar bikin da Ctrl+J, ka ɗora kwafin a saman Alhaji, ka ba shi maski baƙi gaba ɗaya, riƙe Alt za ka yi lokacin danna Add Layer Mask. Sai ka shafa fari a kan amarya da Hajiya kaɗai. Yanzu leya uku ke nan, zaure a ƙasa, Alhaji a tsakiya, su biyun a gabansa, lesinsu ya rufe inda hotonsa ya ƙare. Wannan maskin na sama shi ma gefensa 1 zuwa 2 ne, kuma ko ka ɗan wuce layi can inda Alhaji bai kai ba babu komai, don hoto ɗaya ne sama da ƙasa. Inda suka haɗu da rigarsa ne kawai za ka natsu.

Girman kansa ka auna da na wani namiji da ke layin baya, kar ka auna da amarya mai ɗaurin kallabi. Sai launi. Fitilun zaure suna ja zuwa ruwan ɗorawa, shi kuma a rana aka ɗauke shi, farar rigarsa za ta fi ta kowa haske da shuɗi-shuɗi. Sa Curves a samansa ka danna Ctrl+Alt+G don ya kama shi shi kaɗai, ka sauke hasken, ka shiga Blue ka rage kaɗan har farinsa ya zo daidai da farar rigar wani a wurin.

Abba Zane: In hasken fuskarsa ta wani gefe yake ba irin na sauran ba, Flip Horizontal kawai.

Malam Habu Mai Hoto: Babbar riga ce fa? In ita ce aikin aska da aljihu a hagu suke, ka juya su koma dama, duk dattijon da ya shigo falon zai gani. Ita kuma matar da ta yi shekaru tana kallon fuskar nan za ta ji wani abu bai yi ba ko ba ta iya faɗin mene ne. Gara ya canza gefen da zai tsayar da shi. Inuwar rana da ke ƙarƙashin hula kuwa maski ba ya cire ta, sai dai a rage mata duhu.

Sadiya Dizain: Malam ban yarda sai ya sake yanka daga farko ba. Ya danna maskin ya buɗe Levels, ya matso da baƙin da farin kusa da juna, tokar za ta tsuke ta koma layi, in ya ƙara tura baƙin dama gefen ya shige ciki. Ragowar koren kuma Decontaminate Colors ya share.

Malam Habu Mai Hoto: Levels zai tsuke shi, gaskiya ne. Amma lungunan da laushin 50 ya riga ya cinye, kunne da tsinin hula da tsakanin hannu da riga, a dunƙule za su dawo. Decontaminate ɗin nan kuma a hoton da aka ja yana barin dabbare-dabbare a gefe. Ni sabuwar leya nake yi a samansa in kama ta da shi, in mayar da ita Color, in ɗebo launin rigar in shafa a bakin.

Sadiya Dizain: Lungunan ai ya gyara da buroshi mai tauri, bai kai wahalar Pen ba ga wanda bai saba ba.

Ɗan Tudun Wada: Na gode duka. Na bi ta Levels ɗin don Pen yana cin lokaci kuma wutarmu ba tabbas, koren ya ragu sosai. Bayan amarya kuma ban sa shi ba, a gefenta Hajiya ta nuna min da yatsa, na ɗan dusar da ƙasan rigar kuma a ganina bai yi muni ba. Sai dai yanzu in na shafa baƙi don in gyara wajen kunne, baƙin ne yake fitowa a kan fuskar maimakon ya goge.

Sadiya Dizain: Kan hoton kake shafawa. Ctrl+Alt+Z har baƙin ya tafi, sannan ka danna akwatin maskin ka ga farin layi ya kewaye shi.

Malam Habu Mai Hoto: Turo mana wajen ƙafafun a zum 100% kafin ka kai wanki.

Maman Ihsan: Wai ina kuke wanke 12 da 18 yanzu a Kaduna, kuma nawa? Inda nake kaiwa sun ƙara kuɗi.