Wasiƙar neman farfesan da zai duba aikinka a waje: me ya faru da naku?

Ɗan Auyo: Salamu alaikum. Bara na aika imel talatin, rubutu iri ɗaya, sunan jami'a kawai nake canzawa. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Daga baya na gano uku cikinsu mata ne, ni kuwa na buɗe da `Dear Sir`. Waɗanda aka amsa wa, yaya kuka yi?

Malama daga Ringim: Wa alaikumus salam. Me ka ce za ka bincika?

Ɗan Auyo: Matsalolin noma a arewacin Najeriya.

Malama: To ga ciwon nan, ƙanena. Wannan aikin mutum ɗari ne. Nawa a kan kacala na yi, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya zuwa Nguru. A layi biyar na ce tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, kacala ta samu wurin zama. Tambayata ɗaya: gona nawa ta cinye a yankin Guri cikin shekara ashirin? Na ce zan auna da hotunan tauraron ɗan'adam, in kuma zauna da manoma da masunta. Kafin nan sai da na karanta maƙala biyu na farfesan, na ambaci ɗaya, na nuna inda hanyarsa za ta yi aiki a wajenmu da inda nake shakka. Kan saƙon:

```
Prospective PhD student: Typha in the Hadejia wetlands
```

Bayan kwana goma sha biyu na tuna masa sau ɗaya. Ya amsa da layi biyu: wa zai biya?

Na Ɗambatta: Shi ya sa ni nake haɗa komai tun farko, shaidar digiri, sakamakon sakandare, da shafi ashirin na tsarin bincike. Ya ga da gaske kake.

Malama: Maganar kuɗin dai a faɗa, amma shafi ashirin ba mai buɗewa, Malam. Tarihin karatu da shafi ɗaya sun isa. Na ce masa tallafin DAAD zan nema, hukumar Jamus mai ba da kuɗin karatu, su kuma suna son takardar amincewar mai duba aiki, sai ya san me nake buƙata a hannunsa.

Na Ɗambatta: Ni da na ambaci kuɗi a Amurka, cewa aka yi in cike fom ɗin sashe, kwamiti ke ɗauka. Ina ganin da na yi shiru ya fi.

Baban Husna: Wai nawa ejan ke karɓa ya rubuta maka? Wani a Kazaure ya ce min dubu hamsin.

Ɗan Auyo: Yaya, ranar da farfesan ya kira ka ta bidiyo, ejan ɗin ne zai amsa? Malama, idan na koma kan wuta-wuta a gonakin dawa, ya yi ƙunci ko har yanzu da faɗi?