Tela ya ba ni rubutun allon shagonsa, ta ina zan fara?

Sani Pantami: Assalamu alaikum. Hannuna na da kyau a takarda, shi ya sa wani tela a unguwarmu ya ce in rubuta masa ƊINKIN ZAMANI a allon ƙarfe mai tsawon ƙafa 8. Ban taɓa riƙe burushi ba. Ta ina zan fara, nawa kuma zan caje shi?

Malam Buba Mai Fenti: Wa alaikumussalam. Ƙanena, ajiye burushin tukuna, ɗauko tef da alli. Allonka inci 96 ne. Bar inci 6 a kowane gefe, saura 84. Haruffa 12 ne, da tazarar tsakanin kalmomin biyu sun zama 13, kowanne zai samu kusan inci 6 da rabi. Amma kar ka raba daidai wa daida. I siriri ne, M kuwa mai cin wuri. Kalmar farko I biyu gare ta, ta biyu na da M, don haka tazarar za ta ɗan matsa hagu da tsakiyar allo. Shafa wa zare alli, ka ɗaure shi tam, ka ja ka saki, ya buga maka layin sama da na ƙasa. Ka zana komai da alli, ka tsallaka titi ka duba. In ka ga haruffan ƙarshe sun matse, goge ka sake, alli ba ya tsada.

Hajiya Ladi: Ni da bana, ƙyallen tallan nan, za ka buga masa a kwamfuta ka huta. Na walimar 'yata a wuni ɗaya aka gama.

Malam Buba Mai Fenti: Hajiya, na biki wuni guda yake aiki a naɗe shi. Wannan shekaru zai yi yana shan ranar Gombe, bana kuwa kan koɗe, iska ta yaga shi. Sani, ka goge tsatsa da sanfefa, ka shafa jan fentin nan na hana tsatsa, ya kwana, sannan farin fenti, shi ma ya kwana. Fentin mai fa, na ruwa ɓarewa yake a ƙarfe. Tina, ruwan sirka fenti, kaɗan za ka zuba. In ya yi ruwa za ka ga yana zubar da hawaye a ƙasan harafi, in ya yi kauri burushi ya riƙa cijewa.

Auwal Bolari: Kuɗi dai ka karɓi na kayan aiki tun farko. Na yi wa wani mai kanti da fentina, har yau "dawo gobe" nake sha. Ladan hannu kuma ka caja bisa yawan haruffa.

Ɗanjuma: Bisa haruffa? To ranar da aka kawo maka haruffa uku a bango guda fa? Girman allo ake dubawa. Kuma Sani, kar ka manta lanƙwasar Ɗ ɗin nan, ka bar mata wuri a hagu.

Sani Pantami: Na gode. Ya ce ja yake so a kan fari.

Malam Buba Mai Fenti: Ja ya fi saurin koɗewa a rana. Lallaɓa shi ya yarda da baƙi ko shuɗi mai duhu, in ya ƙi ka yi masa shafi biyu. Allon gabas yake kallo ko yamma?