Neman shawara: gaisuwar wasiƙa ga wanda ban san muƙaminsa ba, ban kuma san ko namiji ne ko mace ba

Ɗiyar Birni: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina son rubuta takardar neman aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Damagaram, kuma an ce a rubuta ta da Hausa. Sanarwar ba ta faɗi muƙamin mai karɓar takardun ba, sai dai sa hannu a ƙasa: harafin A., sannan Moussa. Da wace gaisuwa zan buɗe, ta yadda ba zan kira mace da namiji ba, ba kuma zan rage wa babba daraja ba?

Ɗan Mirriya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tunda sunan Musa ya fito, ai namiji ne. Ki rubuta "Yallaɓai, ranka ya daɗe" ki ci gaba. Idan kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, sai ki sa "Malam/Malama", kamar yadda muke rubuta Madame, Monsieur a takardun Faransanci.

Baba Sakatare: Ɗana, rabin maganarka ta biyu tana kan hanya, amma ta farko tana iya jefa yarinyar nan cikin kunya. A wajenmu mace tana ɗaukar sunan mahaifinta a bayan nata, matar aure kuma sau da yawa ana haɗa sunan mijinta a takardun buro, saboda haka Musa bai nuna komai ba, harafin A. ɗin yana iya zama Abdu, yana iya zama A'ishatu. Ko da an rubuta sunan a cike, ƙarshensa a rubutun Faransanci ba hujja ba ne, domin Issoufou da Hadizatou duk da "ou" suka ƙare.

Ɗiyata, abin da nake so ki fahimta shi ne, matsalarki ba a layin gaisuwa kaɗai take ba. Mai rubutu da Faransanci da zarar ya wuce kan takarda ya huta, domin vous yana ɗauke masa namiji da mace. Hausa kuwa tana tambayar jinsi kusan a kowace jimla: ka ko ki, maka ko miki, ofishinka ko ofishinki. Idan kika fara da "Malam/Malama", dole ki ci gaba da "ina roƙonka/ki ka/ki duba", takardar ta koma kamar fom ɗin da ake cikewa, kuma wannan ba abin nuna wa masu neman mai iya Hausa ba ne. Mafita ita ce "ku" ta girmamawa, wadda da ita muke yi wa manya magana tun muna yara. Ki riƙe ta daga farko har sa hannu: kuna, kun, za ku, muku, gare ku, ofishinku.

Sai kan takarda, inda mutane da dama suke tuntuɓe. Kalmomin darakta da shugaba ba su nuna jinsi idan suna tsaye su kaɗai, amma da kin haɗa su da wani suna sai su tilasta miki zaɓi: daraktan rediyo ko daraktar rediyo, shugaban sashe ko shugabar sashe. Haka "wanda abin ya shafa", domin wanda na namiji ne, wadda na mace. Kalmar "mai" ita ce ba ta da wannan larura, don haka ki kira mutum da aikin da kika tabbata yana yi. Ga yadda ni zan tsara ta:

Zuwa ga mai kula da ɗaukar ma'aikata, sashen Hausa.
Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa tare da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku wannan takarda ne domin neman aikin da kuka ba da sanarwarsa. Na haɗa takardun karatuna, ina roƙon ku duba su. Na gode da kulawarku.
Taku cikin girmamawa,

Ki lura da rufewar. Harafin farko na "taku" naki ne, wato mace ce mai rubutu, da namiji ne sai ya ce "naku". "Ku" ɗin ƙarshe kuwa na mai karɓa ne. Na sha ganin ƴan mata sun kwafi "naku" daga takardar wani, sai mai karantawa ya ɗauka namiji ne ya rubuto. Kafin ki aika, ki bi takardar layi-layi kina neman ka, ki, maka, miki da duk kalmar da ta ƙare da -nka ko -nki, domin a tsakiyar takarda hannu yake zamewa.

Malamar Zango: Baba, Allah ya saka da alheri, domin ni abin ya taɓa faruwa a kaina. Shekarar da aka ba ni riƙon makaranta, wani uba ya rubuto takarda yana neman a karɓi ɗansa, ya buɗe da "Alhaji, ranka ya daɗe". Ban ƙi yaron ba, amma na ji a raina cewa mutumin bai ko tambayi maigadi wane ne ke riƙe da makarantar ba. Shi ya sa nake ƙara wa ƙanwata cewa Alhaji, Hajiya, Dakta da Farfesa laƙabobi ne da ake samu da dalili, ba a ba mutum su bisa zato. Kuma tunda gidan rediyon a cikin gari yake, ta kira buron ko ta leƙa ta tambayi sakatariya. Tambaya ɗaya za ta raba gardamar duka. Takardar Baba ta zama ta lokacin da tambayar ta gagara.

Jikan Ƙofar Fada: Ni a ganina idan ana son girmamawa cikakkiya, a rubuta "Mai martaba, Allah ya ja zamaninku". Babu wanda zai ji an raina shi.

Baba Sakatare: Jikana, Mai martaba na sarki ne, kamar Sarkin Damagaram, kuma ɗora shi a kan ma'aikacin buro kuskure ne daidai da rage masa daraja. "Mai girma" ma, ko da yake ya dace da namiji da mace, an fi saninsa da gwamna da minista da makamantansu. Idan ba a san matsayin mutum ba, sallama da "ku" sun wadatar.

Ɗiyar Birni: Na gode ƙwarai, iyayena. Akwai kuma lambar WhatsApp a sanarwar. Can ma haka zan rubuta?

Malamar Zango: Can ba a bukatar "Zuwa ga". Ki yi sallama, ki ce "Barkanku da aiki", ki faɗi sunanki da dalilinki a jimla ɗaya, sannan ki ƙara: "Don Allah da wa nake magana, domin in gaishe ku yadda ya dace?" Tambayar ba rashin ladabi ba ce. Idan an amsa miki, sai ki koma Malam ko Malama, ko laƙabin da mutumin ya kira kansa da shi.

Ɗan Mirriya: Na karɓi gyaran Baba. Sai dai ina da damuwa da sallamar, domin mai karɓar takardar yana iya kasancewa ba Musulmi ba. Ni na fi son "Barkanku da warhaka", wadda ta dace da kowa.

Baba Sakatare: A garin nan sallama ta zama gaisuwar kowa, kuma tana da fa'idar cewa "alaikum" jam'i ne tun daga Larabci, ba ta ware namiji ko mace. Amma ban ce ka yi kuskure ba; idan takardar za ta wata ƙungiya ce ta baƙi, ni ma "Bayan gaisuwa mai yawa" kawai nake sawa. Inda muka bambanta da Malama shi ne bayan an san mutum. Ita ta ce a koma Malam ko Malama, na yarda da wannan a layin gaisuwa, amma a cikin jimloli ni ina barin "ku" ɗina har sai mutumin da kansa ya sassauta magana.

Malamar Zango: Ni kuwa, Baba, idan tsarata ce nakan koma "ki" tun a saƙo na biyu, domin daɗewa a kan "ku" yana sa nisa tsakanin abokan aiki. Amma ƙanwata mai neman aiki ce, ta zauna a kan "ku" har ranar da za a kira ta ganawa.